An ce mun daidaita a miliyan 40 da kamfanin inshora, in sa hannu a minit ɗin?

Assalamu alaikum Malam. Dan Allah shawara nake nema. Ni nake kula da kasuwancin yayana, kayan masarufi muke sayarwa a Singa, sitonmu yana Dakata, kuma gobara ta tashi a siton wata uku da suka wuce. Inshorar kaya muka yi ta miliyan 60, mun kai kilem, wato takardar neman diyya, na miliyan 52, an fara ba mu miliyan 5 mu rage zafi. Ranar Talata muka zauna da ajasta mai ƙiyasta asara, da jami'in kamfanin, da birokanmu, wato dillalin inshorarmu, aka sha ja-in-ja har aka tsaya a miliyan 40, muka yi musabaha. A zaman ajasta ya ce kayan da ke sito ranar gobarar sun kai na miliyan 80, an ce kayan da wuta ta taɓa amma za su sayu mu riƙe a miliyan 4, folisin kuma, wato takardar yarjejeniyar inshorar, akwai ekses kashi 10 cikin ɗari, kason asarar da mu za mu ɗauka da kanmu. Jiya sun turo minit, wato rubutaccen bayanin zaman, layi ɗaya ne kawai a kan kuɗi, wai an amince da miliyan 40 bisa sharuɗɗan folisi, in sa hannu in mayar. Ni kuma na riga na gaya wa Yaya da masu bin mu bashi cewa miliyan 35 na nan tafe. Birokan ya ce in dakata, amma wallahi kunyar jami'in nake ji don ya mutunta mu sosai, kar ya ga kamar zarginsa nake. In sa hannu ko kuwa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya mayar muku da alheri, Ya kiyaye gaba.

Kar ka sa hannu a takardar nan yadda take. Birokanku ya yi gaskiya, kuma ba wai don jami'in mugu ne ko yana shirya muku wani abu ba, a'a, matsalar ita ce layin nan guda ɗaya mutum uku za su iya karanta shi kowa ya fito da kuɗi daban, kuma kowannensu ya rantse ba ƙarya yake ba. Kai da ka ji 40 kunnenka ya ji kuɗin da za su shigo asusu. Ajasta kuwa a bakin aikinsa idan ya ce an amince da 40, sau da yawa abin da yake nufi shi ne an amince girman asarar ya kai 40, daga nan ne ma za a fara lissafi. Kalmomin nan na ƙarshe, bisa sharuɗɗan folisi, su ne suka bar ƙofa a buɗe, don sharuɗɗan folisi su ne abarej da ekses da sauransu, kuma duk ragi ne.

Bari mu ɗauki alƙaluman naka mu bi su a hankali, ka ɗauko biro.

Abu na farko da zai ci kuɗin shi ne abarej. Kun yi inshorar kaya na miliyan 60 alhali abin da ke cikin siton na miliyan 80 ne, toh a wurin kamfani kashi uku cikin huɗu na kayan kawai kuka biya wa firimiya, wato kuɗin da mai inshora yake biyan kamfani, ragowar kashi ɗayan ku ne kuka ɗauki nauyinsa da kanku ko kun sani ko ba ku sani ba. Saboda haka duk asarar da aka yi za a raba ta haka, su ɗauki uku ku ɗauki ɗaya. Mutane da yawa suna cewa ai asarata ba ta kai 60 ba, me ya kawo maganar ragi? Ba haka abin yake tafiya ba, ko asarar miliyan ɗaya ce sai an yi mata wannan rabon muddin sharaɗin yana cikin folisi, kuma folisin gobara na kayan kasuwa da wuya ka samu wanda babu shi. Wannan yana kama 'yan kasuwarmu sosai, musamman masu kayan masarufi, saboda an sabunta inshora a farashin bara, kaya sun yi tsada, sannan gab da azumi ko sallah an cika sito har rufi.

Idan 40 ɗin nan asara ce tsantsa da ba a taɓa ta ba, ga yadda za ta kasance. A cire miliyan 4 na kayan da kuka riƙe, saura 36. A yi abarej, uku cikin huɗu na 36 shi ne 27. A cire ekses kashi 10, wato miliyan 2 da dubu 700, saura miliyan 24 da dubu 300. A cire miliyan 5 da aka fara ba ku. Abin da zai shigo asusu miliyan 19 da dubu 300 ne.

Ka ga tazarar da ke tsakanin wannan da abin da ka gaya wa Yaya. Kuma ba wanda ya saci ko kwabo, duk a cikin layin da ake so ka sa wa hannu yake.

Yanzu karatu na biyu, kuma a nan nake so ka zauna ka tuno zaman sosai, ka kira birokan ku tuna tare. Ta yaya aka sauko daga 52 zuwa 40? Miliyan 12 ba ta ɓacewa haka kawai, dole akwai dalilan da aka bi ɗaya bayan ɗaya. A ce misali ajasta ya cire miliyan 5 na kayan da ba ku da rasit ko shaidar shigarsu sito, ya cire miliyan 3 saboda kun yi lissafi da farashin sayarwa shi kuma da farashin sari yake biya (inshorar kaya ba ta biyan ribar da ba a ci ba, wannan sai wanda ya yi inshorar tsayawar kasuwanci daban), hakan ya kawo 44, sannan aka ce toh katan-katan ɗin taliya da madara da sabulun da hayaƙi ya baƙanta ko ruwan 'yan kwana-kwana ya jiƙa ku riƙe su a miliyan 4, aka sauka 40. Idan haka aka yi, an riga an cire kuɗin kayan nan tun a teburin. Lissafin sai ya zama uku cikin huɗu na 40, wato 30, a cire ekses miliyan 3 saura 27, a cire 5, ku karɓi miliyan 22. Amma idan minit bai faɗi cewa an riga an cire ba, fayil zai tafi hedikwata, wani ma'aikaci da bai halarci zaman ba, bai taɓa ganin Dakata ba, zai buɗe rahoton ajasta ya ga akwai kaya na miliyan 4 a hannunku, ya ga 40 a minit, ya sake cirewa da zuciya ɗaya. Miliyan 2 da dubu 700 sun tafi kenan saboda rashin jimla guda. Wannan cirewa sau biyu na sha ganinta a fayil-fayil, kuma kusan kullum ba mugunta ba ce, gajeren rubutu ne.

Karatu na uku shi ne naka, cewa 40 ita ce ta ƙarshe bayan an gama duk wani ragi, a cire 5 a ba ku 35. Yana yiwuwa, don akan yi irin wannan sulhun, kamfani ya ce mu bar dogon lissafi ga dunƙulallen kuɗi a rufe magana. Sai dai zan gaya maka gaskiya don kar ka kwana da dogon buri, yadda ajasta ya kawo maganar miliyan 80 a zaman alama ce abarej yana zuciyarsa, ba a ambaton wannan adadin don nishaɗi. Da dunƙulallen sulhu aka yi da ba za su rubuta bisa sharuɗɗan folisi ba, da sun rubuta cewa wannan ne cikakken biya na ƙarshe.

Toh ka ga 35, ka ga 22, ka ga 19 da ɗoriya. Aikin minit shi ne ya kashe biyu ya bar ɗaya.

Akwai kuma adadin da na lura ko gardama ba ku yi a kansa ba, duk ƙarfinku ya tafi kan 52 da 40, alhali miliyan 80 ɗin nan tana cin kuɗinku kamar yadda waɗancan suke ci. Tambayar da za ka yi ita ce da wane farashi aka ƙirga ta. Idan an lissafa asararku da farashin sari, dole a lissafa kayan sito gaba ɗaya da farashin sari, ba za a auna muku da ƙaramin mudu wajen biya a auna da babba wajen ragi ba. A ce da farashin sayarwa ya kai 80, da na sari kuma 75 ne, toh rabon ya tashi daga uku cikin huɗu ya koma huɗu cikin biyar, 40 ta ba da 32 maimakon 30, bayan ekses da kuɗin farko ku tashi da miliyan 23 da dubu 800 a maimakon 22. Ka ɗauko littafin sito, da rasitan kamfanonin da kuke sari a wurinsu, da takardun motocin da suka sauke kaya a makonnin ƙarshe kafin gobarar, ka ga ko 80 ɗin ta tsaya da ƙafarta. In kun yarda da ita a rubuta kun yarda. In ba ku yarda ba a rubuta ƙarara cewa ajasta ya kawo 80, masu kaya ba su amince ba tukuna, za su kawo takardu ranar kaza. Abin da ba na so shi ne ta shige cikin fayil shiru kamar kowa ya yarda da ita don kawai ba wanda ya ce uffan ranar Talata.

Yanzu me za ka yi a aikace. Ba sai ka ce musu minit ɗinsu ba daidai ba ne, ba ma sai ka yi dogon bayani ba. Ka mayar da amsa ta imel yau ko gobe, kar ya wuce haka don kowace rana da ta wuce tunanin mutane a kan abin da aka faɗa yana ƙara bambanta, ka yi godiya a kan zaman, ka ce kafin sa hannu kuna roƙon a faɗaɗa sakin layin kuɗi ya nuna lissafin daki-daki, ga yadda kuka fahimce shi. Ka rubuto naka lissafin da kanka, kar ka tsaya jiran su gyara, wanda ya fara rubutawa shi ake yi wa gyara a kan nasa. Da Turanci za a rubuta tunda da shi fayil ɗinsu yake tafiya, birokan ya taya ka, aikinsa ne kuma kamasho yake karɓa a kan folisin nan. Abin da zai ƙunsa, layi bayan layi:

Kilem da aka gabatar, N52,000,000.
An cire kayan da ba su da shaida, adadi kaza. An cire bambancin farashin sayarwa da na sari, adadi kaza.
An cire kayan da suka rage a hannun masu kaya, N4,000,000, kuma kayan sun zama nasu, suna iya sayarwa daga ranar kaza.
Asarar da aka amince da ita bayan wannan ragin, N40,000,000.
Kuɗin inshora N60,000,000, darajar kaya ranar gobara adadi kaza, a farashin sari, an amince ko ba a amince ba.
Abin da ya rage bayan abarej. Ekses. Kuɗin da aka fara biya, N5,000,000, da ranar da aka biya.
Abin da za a tura asusu, da lamba da kuma kalmomi.

Layin ƙarshen nan shi ne wanda za ka nuna wa Yaya, sauran duk tsani ne na isa gare shi. Kuma a rubuta shi cikakke da sifilinsa, N22,000,000 misali, sannan a maimaita da kalmomi, kar a yarda da gajeren rubutu irin na saƙon waya. Jerin ma a kula da shi, don wanda aka fara cirewa yana canza sakamako. Idan ta tabbata ba a cire kayan miliyan 4 ɗin ba tukuna, a cire su kafin abarej, haka aka saba yi kuma haka ne adalci tunda asarar gaskiya ita ce abin da ya ƙone ban da abin da ya tsira. Idan aka juya, aka fara abarej 40 ta koma 30 sannan aka cire 4, za a samu 26 a maimakon 27, bayan ekses kun yi asarar dubu 900 a kan jeri kawai.

Maganar ranar da za ku iya sayar da kayan da na sa a ciki ba ƙawa ba ce. Kayan abinci ne, wanda ruwa ya taɓa ba ya jira, wata uku sun riga sun wuce, katan ɗin da ya jiƙe ƙasansa ya fara ruɓewa yana wari, fulawa ta dunƙule, kwanan watan wasu yana matsowa. Idan an ƙiyasta su miliyan 4 a makon gobara ba lallai su kai haka yau ba. Ka je ka duba su da idonka kafin ka yarda da adadin, in sun faɗi ka ɗau hoto ka ce a sake dubawa, ko kuma kamfanin ya kwashe ya sayar da kansa ya bar cire muku komai. Wanda kuma ya lalace har bai dace mutum ya ci ba, ka ji tsoron Allah kar ya koma kasuwa, a rubuta shi cikin wanda za a zubar.

Sai abu na biyu mai nauyi bayan lissafi, wato wa ya amince. Ka lura da wannan sosai. Ajasta ba shi yake biya ba, kamfani ne ya ɗauko shi ya binciko asara ya ba da shawarar abin da ya kamata a biya, rahoto yake rubutawa. Jami'in da ke ofishin Kano shi ma akwai iyakar kuɗin da yake da ikon sa wa hannu, kilem mai wannan girman galibi sai ya je hedikwata, Legas ko Abuja. Saboda haka musabahar da kuka yi tana iya zama ku kun ɗaure kanku su ba su ɗaure ba. Ka sake karanta takardar da suka turo daga sama har ƙasa, har ƙananan rubutun ƙarshe, ka duba ko akwai inda aka ce sai shugabannin kamfani sun amince. In akwai, ba laifi ba ne, haka tsarinsu yake, amma a rubuta waye zai amince, kuma zuwa wace rana za a ba ku amsa a rubuce, sannan a ƙara cewa idan hedikwata ba ta amince da adadin ba ku ma sassaucin da kuka yi bai ɗaure ku ba, magana ta koma buɗe. In ba haka ba za ka wayi gari 40 ta zama rufin da ba za ka iya wucewa ba, su kuma suna da damar saukowa ƙasa da ita. Haka kai ma, a rubuta a matsayin wa ka zauna. Folisin da sunan wa yake, Yaya ko sunan kamfaninku? In ba kai ne mai sa hannu a hukumance ba ka karɓi 'yar takardar wakilci daga Yaya a liƙa, kar gobe a ce wanda ya sa hannu ba shi da hurumi.

Sunayen duk waɗanda suka zauna da muƙamansu, lambar folisi, lambar kilem, ranar gobara, ranar zama da wurin da aka yi shi, waɗannan a saman takarda, ba sa buƙatar dogon bayani. Kowane shafi a sa masa hannu ba na ƙarshe kaɗai ba, in an soke wani adadi da biro duk ɓangarorin su sa hannu a gefensa. Ka tura ta imel ka sa biroka da ajasta a kwafi, WhatsApp ya zama na tunatarwa kawai. Sannan ka buga kwafi biyu ka kai ofishinsu da ƙafarka, ka miƙa ɗaya, ɗayan kuma ka tsaya a gaban teburin mai karɓar baƙi har sai an buga masa hatimin an karɓa da kwanan wata da sa hannu, ka ninke ka sa a aljihu. In an ce maka oga ba ya nan ka bari za a ba shi, ka ce ba komai, hatimin kawai kake so. Wasu suna ƙara cewa in ba mu ji daga gare ku cikin kwana bakwai ba mun ɗauka kun yarda. Ka sa, yana da amfani wajen nuna ka yi naka, amma kar ka dogara da shi, shirun mutum ba ya zama amincewa a shari'a don kawai kai ka rubuta haka. Sa hannunsu kake nema, ka bi shi har ka samu.

Dalilin da ya sa nake matsa maka a kan minit shi ne takardar da za ta biyo bayansa. Idan kamfani ya gama zai turo muku takardar tayi da baucar sallama, wadda za ka sa wa hannu cewa kun karɓi kaza a matsayin cikakken biya na ƙarshe kuma ba ku da sauran haƙƙi a kan wannan gobarar. Ita ce mai rufe ƙofa, bayan ita komawa baya yana da matuƙar wuya. Ranar da ta zo za ka ajiye ta gefe da gefe da minit, adadin da ke layin ƙarshe na minit shi ne dole ya bayyana a baucar, in ya bambanta ko da dubu ɗari ne ka tambayi dalili a rubuce kafin biro ya taɓa ta. In minit ɗinka layi ɗaya ne ba ka da abin da za ka gwada ta da shi, duk abin da suka rubuto zai shiga cikin bisa sharuɗɗan folisi. Kuma idan akwai wani abu da folisin ya rufe wanda ba a tattauna ba ranar Talata, kamar kuɗin kwashe tarkace ko kantoci da janareto in suna ciki, a rubuta a minit cewa zaman a kan kaya ne kawai, waɗannan suna nan a buɗe, don kar baucar ta haɗiye su.

Ranar biya ma a sa ta. Tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta ba kamfani har kwana 90 daga fitar baucar sallama, an kuma maye gurbinta da sabuwar doka da aka sa wa hannu a shekarar 2025, amma kai mai bashi a wuya ba iyakar da doka ta yanka ce abin nemanka ba, ka nemi su rubuta kwanakin da za su biya bayan ka mayar da baucar, da lambar asusun da za a tura. In akwai bankin da ya ba ku kuɗin sari kuma an rubuta sunansa a folisin, ka sani kuɗin na iya bi ta wurinsa ya fara ɗaukar nasa, wannan ma a fayyace tun yanzu. Idan abu ya cije daga baya, hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora tana karɓar koke, kuma abin da za a fara tambayarka shi ne takardu. Wanda ya je da minit mai lissafi da sa hannun kowa maganarsa gajeriya ce. Wanda ya je da mun yi musabaha sai ya yi ta rantsuwa.

Maganar kunya kuma, na fahimce ka, tarbiyya ce, mutum ya karɓe ka da fuska ya ba ka ruwa ya jajanta maka sai ka ji nauyin ce masa rubuta. Amma ka duba ta wannan gefen, dukiyar ba taka ba ce, amana ce a hannunka, ta Yaya ce da ta mutanen da suka ba ku kaya bashi, ba ka da ikon yin kara da ita. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma muminai aka umarta da rubutawa a tsakaninsu, ba a ce sai wanda ake zargi ba. Shi kansa jami'in in ma'aikacin kirki ne zai fi kowa jin daɗin minit mai lissafi, don shi ne zai kare fayil ɗin a gaban manyansa da masu binciken kuɗi, kuma shi za ka zo ka tsaya wa a ofis rai a ɓace ranar da alat ya shigo da rabin abin da kake jira. Ka kira shi kafin ka tura imel ɗin, ka ce ranka ya daɗe mun gode da karamci, Yaya ne ya ce in kawo masa lissafin a rubuce har abin da zai shigo asusu, shi ya sa zan turo 'yar ƙarin magana a kan minit. Ba wanda zai ji haushin wannan. In kuwa ka ga ya fara kauce-kauce, yana cewa ai ba sai an rubuta ba, ka sa hannu kawai za mu duba maka, toh ka ƙara riƙe biron ka sosai.

Wanda ya fi gaggawa a daren nan shi ne Yaya. Kar ka bari ya ji daga bakin biroka ko daga alat. Ka same shi bayan isha'i da takarda da lissafin nan uku, ka ce masa 40 da aka faɗa ba a fayyace ko kafin ragi ba ce ko bayansa, abin da zai shigo yana iya sauka har miliyan 19 da dubu 300, kana kan neman a rubuta. Masu bashi kuma ku je musu tare ko Yaya ya kira manyan cikinsu da kansa, a ce musu kamfani bai fitar da adadin ƙarshe ba tukuna, kar kuma a sake ba kowa rana ko adadi sai baucar ta zo hannu. Duk alƙawarin da za ku ɗauka kafin nan ku gina shi a kan 19, in ya so abin da ya ƙaru a kai sai ku raba musu gwargwadon bashin kowa.